Yadda Ake Mayar da Bayanan Babi Su Zama Tambayoyin Gwada Kai Kafin Jarrabawa

Tambayar da ɗalibai suke yawan maimaitawa idan WAEC, NECO ko JAMB ta ƙarato ita ce: na karanta babin sau uku, amma yaya zan san ya zauna? Maimaita karatu ba ya ba da wannan amsa, domin ido yana sabawa da shafi har mutum ya ɗauka ya iya, alhali gane rubutun kawai yake yi idan ya gan shi. A zauren jarrabawa kuwa babu shafin. Abin da ke nuna gaskiya shi ne ka rufe littafi, tambaya ta zo, ka fito da amsa daga kanka, sannan ka auna ta da wata amsa da ka riga ka tsara. Ga yadda ake shirya tambayoyin da amsoshinsu. Za mu yi aikin da babi guda na darasin Hausa, wato tsarin sauti, ɓangaren gaɓa da ganɗantawa da naso, domin a ga kowane mataki a aikace.

1. Haɗa kayan aiki

Kana buƙatar littafin da ka kwafi darasi a aji, da littafin karatun da makarantarku take amfani da shi, da manhajar jarrabawar da za ka zauna, da tsofaffin tambayoyinta na aƙalla shekara uku. Sai sabon littafin rubutu guda ɗaya, da biro baƙi ko shuɗi, da jan biro, da fensir. Idan kana son kati, farar takarda irin ta fotokwafi tana ba da kati takwas in aka ninka ta sau uku aka yanka, don haka takarda huɗu sun ishi babi guda. Kuɗin da za ka kashe bai wuce na littafin rubutun da biro ba, tunda tsofaffin tambayoyi ana iya aro a kwafa da hannu.

A kula: kada ka yi aikin da bayanan aji kaɗai. Wanda yake kwafa daga allo yana tsallake layi, yana kuma juya misali. Duk kuskuren da ke cikin bayanan zai shiga amsarka, kuma da zarar ka haddace shi ta hanyar gwaji, cire shi ya fi koyon daidai wuya.

2. Duba yadda masu jarrabawa suke tambaya

Kafin ka rubuta ko tambaya ɗaya, buɗe tsofaffin takardun ka tsamo duk tambayar da ta shafi babin. Amsoshin ba su ne damuwarka a nan ba. Kalmar da aka buɗe tambaya da ita za ka lura da ita, domin ita ce take faɗa maka tsawon amsa da siffarta. "Kawo" ko "lissafa" na neman jeri ne kurum. "Mene ne" na neman ma'ana, galibi da misali. "Bayyana" ko "yi bayani" na neman yadda abu yake faruwa da dalilinsa. "Bambanta" na neman abu biyu a gefen juna, a auna su da ma'auni ɗaya. Akwai kuma tambayar aiki, irin su "rarraba waɗannan kalmomi gaɓa-gaɓa", wadda haddar ma'ana ba ta fitar da mutum a cikinta.

Lura kuma da siffar tambayoyin zaɓi. WAEC da JAMB suna ba da zaɓi huɗu, NECO tana ba da biyar. Ka gina naka bisa wadda za ka zauna.

3. Farfasa babin

Ɗauki fensir ka bi bayanan layi-layi. Duk inda ka ga abin da za a iya tambaya shi kaɗai, ka ja masa layi, ka sa masa alama a gefen shafi: M idan ma'ana ce, J idan jeri ne, D idan doka ce ko yadda abu yake faruwa, B idan abu biyu ne masu kama da juna da za a iya cewa a bambanta.

A babinmu abin da zai fito kusan haka ne. Ma'anar gaɓa, M. Sigogin gaɓar Hausa uku, wato baƙi da wasali (BW), baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali (BWW), da baƙi da wasali da baƙi (BWB), J. Buɗaɗɗiyar gaɓa da rufaffiya, B. Gaɓa mai nauyi da marar nauyi, B. Ganɗantawa, wato sauyawar s, t, d, z, w zuwa sh, c, j, j, y a gaban wasalin i ko e, D. Cikakken naso da ragagge, B. Babi mai shafi takwas zuwa goma yakan ba da irin waɗannan guntaye goma sha biyar zuwa ashirin. In ka samu hamsin, ka ja layi a kan surutun malami ne. In biyar kacal ka samu, ka dunƙule abubuwa da yawa wuri guda.

A kula: inda bayanan aji suka saɓa da littafi, tsaya ka warware kafin ka wuce. Misali sananne shi ne adadin wasulan Hausa. Wasu littattafai suna ƙirga goma sha biyu, wato gajeru biyar da dogaye biyar da tagwai biyu, ai da au. Wasu suna ƙara ui su zama goma sha uku. Ka tambayi malaminku wanne littafin da manhajarku ta amince da shi ya bi, ka rubuta wannan a amsarka, ka kuma ajiye ɗayan a gefe da fensir don kada ya ruɗa ka in ka gamu da shi.

4. Rubuta tambayoyin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi ɓata shi. Buɗe sabon littafin ka ware shafin dama don tambayoyi. Amsoshi za su tafi can bayan littafin, ba bayan shafin ba, domin biro yana bayyana ta bayan takarda, ido kuma ba ya jin kunyar leƙe. Kowace tambaya ka ba ta lamba, ka rubuta shafin da ta fito a littafin darasi da ƙaramin rubutu.

Doka ta farko ita ce tambaya ɗaya ta nemi abu ɗaya. "Yi bayani a kan gaɓa" tambaya ce da ba za ka iya yi wa kanka maki a kanta ba, domin duk abin da ka rubuta zai yi kama da amsa. Raba ta: "Mece ce gaɓa?" daban, "Kawo sigogin gaɓar Hausa uku da misali ɗai-ɗai" daban, "Bambanta buɗaɗɗiyar gaɓa da rufaffiya" daban.

Ta biyu, kada tambaya ta ɗauko amsarta a ka. Wanda ya rubuta "Shin rufaffiyar gaɓa tana ƙarewa da baƙi?" ya riga ya amsa wa kansa, ko bai karanta ba zai ce i. Ka guji duk tambayar da amsarta i ko a'a ce. Haka ma cike gurbin da aka kwafo jimlar malami aka cire kalma ɗaya: kunne ne yake cike shi saboda ya saba da amon jimlar, ba fahimta ba.

Ta uku ita ce mafi tsada, kuma in da za a ce ka riƙe abu ɗaya daga wannan jagora, ita ce. Duk guntun da ka sa wa alamar D, ka yi masa tambaya da misalin da babu shi a bayananka. A ce malam ya koyar da ganɗantawa da mota da motoci, gida da gidaje, kaza da kaji. In ka tambayi kanka da waɗannan, haddar misalan kake gwadawa. Mai jarrabawa kuwa yana da damar kawo kowace kalma. Sai ka nemo naka: rasa da rashi, fita da fice, gudu da guje, ciza da cije, kasuwa da kasuwoyi. Tambayar sai ta zama: "Nuna sautin da ya sauya a kowace daga waɗannan kalmomi, ka faɗi abin da ya jawo sauyin." Neman sababbin misalan ma kansa karatu ne, domin ba za ka same su ba sai ka gane dokar.

Ka kuma nemi inda dokar ta tsaya, ka yi tambaya a wurin. Me ya sa ake cewa tebur da siminti ba tare da t ta koma c ko s ta koma sh ba? Domin kalmomin aro ne, kuma sauyin ya fi bayyana ne inda aka canza ƙarshen kalma, kamar wajen jam'i ko sarrafa aikatau. Me ya sa faɗa ta ba da faɗi, kaɗa ta ba da kaɗe? Domin ɗ ba ta cikin sautukan da suke ganɗancewa, ko da yake a rubuce tana kama da d. Irin waɗannan wurare ne masu tsara tambayoyin zaɓi suke samo tarkonsu.

Game da yawa, babi irin wannan ya ishe shi tambaya ashirin da biyar zuwa talatin. Kusan rabi su zama gajeru na ma'ana da jeri, kashi ɗaya cikin uku na aiki da sabon misali, ragowar kuma dogayen tambayoyi huɗu ko biyar irin na takardar rubutu.

5. Tsara amsar awo, ka raba mata maki

Amsar awo ita ce amsar da za ka riƙa auna taka da ita. Ana rubuta ta littafi a buɗe, amma ba kwafar sakin layi ake yi ba. Ana yanka ta guntu-guntu, kowane guntu a layinsa da makinsa, ta yadda in ka zo dubawa tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wannan guntun yana cikin amsata ko babu?

Ga misali. Tambaya ta 7: "Bambanta cikakken naso da ragagge, tare da misali bibbiyu. Maki 8." Amsar awo za ta zo kamar haka. Naso shi ne tasirin da wani sauti yake yi a kan maƙwabcinsa har ya ɗauki kamanninsa, maki 2. A cikakken naso sautin yana rikiɗa gaba ɗaya ya zama irin na kusa da shi, maki 1. Misali, rigar Sani a furta rigas Sani, maki 1, barci a furta bacci, maki 1. A ragaggen naso sautin yana ɗaukar wani ɓangare ne kawai na kamannin maƙwabcin, kamar wurin furuci, maki 1. Misali, gidan Bala a furta gidam Bala, maki 1, an ba shi a furta am ba shi, maki 1. A ƙarƙashi sai ka ƙara layi guda da jan biro, na abin da ba za a karɓa ba: misalin da aka kawo ba tare da nuna yadda ake furta shi ba, babu maki.

Wannan layi na ƙarshe shi ne yake hana ka yi wa kanka sassauci. Rabon makin kai ne kake yanke shi, kana kwaikwayon yadda ka ga an raba a tsofaffin takardu, amma ƙa'idar da ba ta sauyawa ita ce misali ya samu makinsa daban da ma'ana. Ɗalibai da yawa suna zubar da maki a nan, su rubuta ma'ana mai kyau su manta misali, ko a ce biyu su kawo ɗaya.

Ga na tambayar aiki. Tambaya ta 12: "Rarraba waɗannan kalmomi gaɓa-gaɓa, ka nuna sigar kowace gaɓa: makaranta, shinkafa, aiki, kyanwa." Amsar awo: ma-ka-ran-ta, BW, BW, BWB, BWW. Shin-ka-fa, BWB, BWW, BWW. Ai-ki, BWW, BWW. Kyan-wa, BWB, BWW. An zaɓi kalmomin nan da gangan, domin kowace tana ɗauke da tarko, kuma ya kamata ka rubuta tarkon a gefen amsar. A makaranta da shinkafa, rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, sai ka furta kalmar ka ji cewa wasalin ƙarshe dogo ne. Sh da ky kuwa haruffa bibbiyu ne a rubuce amma sauti ɗai-ɗai ne, don haka B ɗaya ake sa musu. Aiki kuma tana farawa da hamza a furuci ko da ba a rubuta ta, tunda gaɓar Hausa ba ta farawa da wasali.

A kula: amsar awo kada ta fi abin da za ka iya rubutawa a lokacin da ake bayarwa. In tambayar maki takwas ta ci shafi biyu, littafi ka kwafa. Haka kuma duk amsar da ka gina da sabon misali, ka nuna wa malami ko wani da ya fi ka sanin fannin kafin ka fara gwaji da ita, musamman abin da ya shafi tsawon wasali da karin sauti, inda karin harshen garinku zai iya bambanta da daidaitacciyar Hausa.

6. Tambayoyin zaɓi

Kada ka yi su da yawa, biyar zuwa takwas a babi sun isa, domin suna cin lokaci wajen tsarawa kuma bayan gwaji biyu za ka haddace cewa amsar tana B. Amfaninsu yana cikin zaɓin da ba daidai ba. Kowane ɗaya ya zama kuskuren da mutum zai iya yi da gaske. Misali: "A wace kalma aka samu ganɗantawa? A. faɗi B. rashi C. titi D. tsalle." Amsa B, daga rasa. A tana kama wanda ya ɗauki ɗ a matsayin d. C tana kama wanda yake ganin duk inda t ta haɗu da i an samu ganɗantawa, ko da babu abin da ya sauya. D tana kama wanda yake neman wasalin e kawai a ƙarshen kalma. A amsar awo ka rubuta dalilin kowane zaɓi, kuma ranar gwaji kada ka ba kanka maki sai ka faɗi dalilan nan.

7. Bari ya kwana, sannan ka gwada

Kada ka gwada kanka ranar da ka rubuta tambayoyin, domin amsoshin suna nan da ɗuminsu, za ka ci kusan duka ka ɗauka ka gama. Bari sai washegari ko jibi. Rufe littafin darasi ka ajiye shi inda sai ka tashi kafin ka ɗauko, ka ɗauki takarda daban, ka sa agogo. A JAMB ana amsa tambaya 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace, don haka tambayar zaɓi kada ta wuce haka. Ga dogayen tambayoyi, duba tsohuwar takarda ka raba lokacin da aka bayar da yawan tambayoyin da ake amsawa.

Rubuta amsar da hannu, cikakkiya. Amsawa a zuci ita ce babbar hanyar yaudarar kai: za ka ji kamar ka sani, ka buɗe amsar, ka ce ai abin da nake nufi ke nan. Rubutu kuma yana fito da wani ciwon da darasin Hausa yake hukuntawa, wato ƙa'idojin rubutu, irin su barin ƙugiya a ɓ, ɗ, ƙ da haɗa kalmomin da ya kamata a raba. Tambayar da ta gagare ka, ka ja mata layi ka wuce, kada ka leƙa sai ka kai ƙarshe.

8. Yi maki da jan biro, ka ware kurakurai

Bi amsar awo guntu-guntu. Abin da yake nan ka ba shi makinsa, abin da ka kusa faɗa amma ba ka faɗa ba, sifili. Jimillar makin ba ta da amfani sosai, irin kuskuren ne abin dubawa, domin kowane iri da maganinsa. In ka manta ne ƙwaf, tambayar tana buƙatar maimaici kurkusa. In ka cakuɗa abu biyu, kamar ka kira gaɓar BWW rufaffiya don ka ji tana da nauyi, to sabuwar tambaya za ka rubuta wadda ta haɗa su wuri guda: "Kawo gaɓar da take buɗaɗɗiya kuma mai nauyi." Amsarta BWW ce, kamar gaɓar farko a kifi, kuma wanda ya amsa ta ya gane cewa buɗewa da nauyi ma'auni biyu ne daban. In kuwa ka kawo ma'ana daidai amma ka faɗi a sabon misali, hadda ka yi, sai ka koma littafi ka sake bin dokar, ka nemo wasu misalan biyar. Wani lokaci kuma laifin tambayar ne, ta zo da harshen damo har amsa biyu suna iya shiga. Wannan gyara ta za ka yi, ba kanka ba.

9. Jadawalin maimaici

A gefen kowace tambaya ka ja ƙananan gidaje huɗu, ka riƙa sa kwanan wata da alamar ci ko faɗuwa. Wadda ka faɗi ta dawo gobe. Wadda ka ci ta dawo bayan kwana uku, in ka sake ci bayan mako guda, sannan bayan mako biyu. Duk ranar da ka faɗi wata, ko ta kai gida na uku, ta koma farko. Mai amfani da kati zai iya yin haka da ambulan uku, ta gobe da ta kwana uku da ta mako. Idan jarrabawa saura mako biyu ne, matse tazarar zuwa kwana ɗaya, biyu, huɗu.

Da zarar ka gama babi uku, daina gwada su a jere. Ɗauko tambaya biyar daga tsarin sauti, biyar daga ginin kalma, biyar daga ginin jimla, ka gauraya su a zama ɗaya, domin a takardar jarrabawa babu kan babi da zai gaya maka wace doka ake nema. Makinka zai sauka a karon farko, kuma wannan saukar ita ce ainihin matsayinka. A kowane zagaye ka canza kalmomin da ke cikin tambayoyin aiki, ka sa tsuntsu da hannu da ɗalibi a wurin makaranta da shinkafa da aiki. In kana da abokin karatu da ya yi nasa littafin a kan babin, ku yi musayar tambayoyi a makon ƙarshe, kowa ya amsa na ɗan'uwansa, mai tambayar ya yi maki da amsar awonsa. Inda amsoshinku suka saɓa, ku rubuta lambar tambayar ku kai wa malam.